Tsakanin 45 da 60: abin da ritayar wuri ke ci wa ma'aikacin gwamnati a Paga, Bawku, Yendi da Salaga

A Paga, garin da ke bakin iyakar Ghana da Burkina Faso, kuɗi a fili suke wucewa. Manyan motocin da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Tema suna jere suna jiran a buɗe musu hanyar Dakola da Po, 'yan kasuwar tumatir suna tsallakawa su dawo da kaya, dillalan dabbobi suna ciniki. Ma'aikacin majalisar gundumar Kassena-Nankana ta Yamma, wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya ƙare, yana kallon duk wannan daga bakin ofishinsa. Haka takwaransa na Bawku ke kallon cinikin albasa, na Salaga da na Yendi kuma cinikin doya. Idan shekaru suka fara ja, sai tunani ya zo: me zai hana in ajiye aikin nan tun da sauran ƙarfina, in karɓi haƙƙina, in kama sana'a?

A majalisar zango ba a rasa mai ƙara masa ƙarfin gwiwa. Za a ce masa, “Yaya, ai ka wuce arba'in da biyar, doka ta ba ka dama.” Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Dokar da ta ba ma'aikaci damar barin aiki daban, dokar da ke biyan fansho daban, kuma shekarun da suka ambata ba ɗaya ba ne. Tsakanin waɗannan dokoki biyu ne mutane ke yin asarar da ba ta gyaruwa, domin ranar da ma'aikaci ya rubuta a takardarsa ita ce ke yanke abin da zai riƙa karɓa har ƙarshen rayuwarsa.

Dokoki biyu, shekaru uku

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 199, ya ce ma'aikacin gwamnati zai yi ritaya idan ya cika shekara 60. Sashen ya kuma ba shi damar yin ritaya bisa ganin damarsa a duk lokacin da ya so bayan ya cika 45. Daga nan maganar majalisar zango ta samo asali.

Sai dai kundin bai ce za a fara biyansa fansho yana 45 ba. Wannan aikin dokar fansho ta ƙasa ce ta 2008, wadda aka sani da doka ta 766, ta fara aiki a Janairun 2010, aka yi mata gyara a 2014. A ƙarƙashinta hukumar SSNIT ba ta fara biyan fanshon tsufa sai mutum ya cika 55, kuma sai ya biya gudummawa ta aƙalla wata 180, wato shekara 15. Ko a 55 ɗin, ragaggen fansho ake ba shi. Cikakken fansho sai a 60.

Ke nan shekaru uku ne ya kamata ma'aikaci ya riƙe. A 45 yana iya fita. A 55 ana iya fara biyansa, amma da ragi. A 60 ne ragin ke gushewa. Wanda ya fita yana 47 zai yi shekara takwas ba albashi ba fansho, sai abin da sana'arsa ta ba shi.

Wannan bayani ya shafi mafi yawan ma'aikatan farar hula: na majalisun gundumomi, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da na ma'aikatu. Masu kaki irin su 'yan sanda da jami'an shige da fice, waɗanda ba su da wuyar gani a Paga, suna kan tsohon tsarin da ake kira CAP 30, wanda ya samo asali daga dokar fansho ta 1950, kuma ofishin Kwanturola ne ke biyansu. Lissafinsu daban ne, don haka kada ma'aikacin gunduma ya auna nasa da abin da ya ji wani ɗan sanda ya karɓa.

Inda kuɗin ke zuwa kowane wata

Kafin a yi lissafin abin da za a karɓa, sai an san inda aka tara. Mu ɗauki misalin wani jami'i a majalisar gunduma a Paga, gundarin albashinsa sidi 4,000 a wata. Adadin misali ne kawai don sauƙin lissafi. Kowane wata ana cire masa kashi 5.5 cikin 100, sidi 220 ke nan. Gwamnati, a matsayinta na mai ba shi aiki, tana ƙara kashi 13, wato sidi 520. Jimla sidi 740.

Daga cikin wannan, sidi 540 na zuwa SSNIT, shi ne mataki na ɗaya, mai biyan fanshon wata-wata. A cikin 540 ɗin SSNIT na miƙa sidi 100 ga asusun inshorar lafiya na ƙasa. Sauran sidi 200 na zuwa mataki na biyu, wanda amintattu masu zaman kansu ke juyawa a ƙarƙashin kulawar hukumar NPRA, kuma shi ne ake biya a dunƙule sau ɗaya. Ma'aikatan ma'aikatu da na ƙananan hukumomi nasu yana hannun Hedge Pensions Trust, wanda ƙungiyarsu ta CLOGSAG ta kafa. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya kowa da nasa asusun. Akwai mataki na uku, na ganin dama, ga wanda ya zaɓi ya yi tanadin ƙari.

Abin lura a nan shi ne duk lissafin a kan gundarin albashi yake. Alawus ɗin da ke kumbura abin da mutum ke gani a banki ba ya shiga. Ma'aikata da yawa suna auna fanshonsu da kuɗin da ke shigo musu hannu, sai ranar da aka nuna musu adadin gaskiya su ga ya yi ƙasa da tsammaninsu.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗauki biro

SSNIT na haɗa abubuwa uku. Na farko, matsakaicin albashin watanni 36 mafi tsoka a rayuwar aikin mutum. Na biyu, kason da shekarun gudummawarsa suka ba shi: shekara 15 na farko suna ba da kashi 37.5 cikin 100, kowace shekara bayan haka tana ƙara kashi 1.125, har a kai ƙololuwa ta kashi 60 a shekara 35. Na uku, ragin ritayar wuri. Wanda ya fara karɓa yana 55 ana ba shi kashi 60 cikin 100 na abin da ya kamata ya samu. A 56 kashi 67.5, a 57 kashi 75, a 58 kashi 82.5, a 59 kashi 90, a 60 kuma duka.

Jami'inmu na Paga yana da shekara 55, ya yi shekara 28 yana biyan gudummawa. Shekara 13 da ya ɗora a kan 15 na farko sun kai kasonsa kashi 52.125. Wannan kaso na sidi 4,000 shi ne sidi 2,085. Da yake 55 yake, kashi 60 na wannan za a ba shi, wato sidi 1,251 a wata. Mutumin da ya saba da albashin 4,000 zai koma kan abin da bai kai sulusinsa ba.

Idan ya daure shekara biyu, ya fita yana 57 da shekarun gudummawa 30, kasonsa ya zama kashi 54.375, ragin ma ya sassauta, sai fanshon ya kai kimanin sidi 1,631. Idan ya kai 60, da shekara 33, zai karɓi sidi 2,310. Wannan kuwa ko da ba a ƙara masa ko sisi a albashi ba a shekarun biyar, alhali kusan kowace shekara ana ƙarin albashi, kuma ƙarin girma ɗaya a ƙarshen aiki yana ɗaga matsakaicin watanni 36 ɗin.

Bambancin fita a 55 da fita a 60 ya zama sidi 1,059 kowane wata. Mai ritayar wuri zai ce ai shi ya riga ya ci fanshon shekara biyar. Haka ne, wata 60 sau 1,251 ya ba shi sidi 75,060. Amma wanda ya jira zai cike wannan giɓi cikin kimanin shekara shida, wato yana wajen 66, daga nan kuma kullum shi ke gaba. Ban da haka ya ci albashin shekara biyar, an kuma zuba masa sidi 12,000 a mataki na biyu, ban da ribar da za su haifa.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne zaton cewa idan mai ritayar wuri ya cika 60 za a mayar masa da cikakken fansho. Ba a mayarwa. Ragin na dindindin ne. Gaskiya ne SSNIT na yin ƙari kowane Janairu, a jimlace kashi 25 a 2023, kashi 15 a 2024, kashi 12 a 2025, amma a kan abin da mutum ke karɓa ake ɗora mafi yawan ƙarin, don haka wanda ya fara da kaɗan da kaɗan zai ci gaba. A tuna kuma cewa a Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1, ƙarin da ya biyo baya bai kai rabinta ba.

Shi kuwa mai shekara 47 da ya yi shekara 20 a aiki, kasonsa kashi 43.125 ne. Idan ya jira shekara takwas ya nemi fansho yana 55, a kan albashin 4,000 zai samu sidi 1,035, kuma albashin da aka yi lissafin da shi na shekarun da yake aiki ne, farashin masara da kuɗin makaranta kuwa ba su tsaya jiransa ba.

Ba dole ne ranar fita ta zama ranar neman fansho ba

Akwai wata hanya da ba a cika ambata ba. Barin aiki abu ne tsakanin ma'aikaci da hukumarsa, neman fansho kuma tsakaninsa da SSNIT. Ba dole su faɗo rana ɗaya ba. Jami'inmu yana iya barin ofis yana 55, ya riƙe kansa da kasuwanci, ya bar fanshon sai ya cika 60. A lokacin za a yi masa lissafi da shekarunsa 28 ba tare da ragi ba, ya samu 2,085 maimakon 1,251.

Yana kuma iya ci gaba da biyan gudummawa da kansa a matsayin mai sana'ar kansa, kashi 13.5 na abin da ya bayyana yana samu, don watanninsa su ci gaba da ƙaruwa. Tun 2023 SSNIT ke da shiri na musamman mai suna SEED don masu sana'ar kansu. Wannan ya fi zama wajibi ga wanda bai cika wata 180 ba. Wanda ya tsaya a wata 170, idan lokacin ritaya ya yi, ba fanshon wata-wata za a ba shi ba, gudummawarsa za a mayar masa da ɗan ruwa sau ɗaya, shi ke nan. Wata goma kacal ne tsakaninsa da fansho na har abada.

Kuɗin mataki na biyu su ma suna da nasu sharaɗi. Doka ta ba wanda ya kai shekarun ritaya damar karɓarsu duka, haka ma wanda ya cika 50 kuma ba ya aiki a ko'ina, ba shi da sana'ar kansa. Mai shekara 46 da ke lissafin cewa da kuɗin dunƙulen zai sayi motar haya ko ya cika shago, ya fara zuwa wurin amintattun asusunsa ya ji matsayinsa a rubuce kafin ya miƙa takarda. Wanda ya fara aiki kafin 2010 yana da wani dunƙule na daban a hannun SSNIT, haƙƙin shekarun baya, wanda ake biya idan ya zo ritaya. Shi ma a tambayi adadinsa tun da wuri.

Murabus daban, ritaya daban

Idan an gama lissafi an ga fitar ta fi, sai maganar takarda. Da Turanci ake rubuta ta, kuma a nan ne wasu ke rubuta murabus alhali ritaya suke nufi. Murabus yanke hulɗa ce da aiki, kowa na iya yi a kowace shekara. Ritaya ta ganin dama haƙƙi ce da kundin tsarin mulki ya ba wanda ya kai 45. Ga mai gudummawar SSNIT, murabus ba ya cinye abin da ya tara, kuɗinsa na nan da sunansa. Amma amsar da hukuma za ta ba shi ita ce shaidar da zai riƙa nunawa nan gaba, musamman ga amintattun mataki na biyu da asusun jin daɗi na ƙungiyarsa, kuma takardar da ta ce ya yi ritaya ta fi saurin buɗe ƙofa a kan wadda ta ce ya yi murabus. Ga wanda ke kan CAP 30 kuwa abin ya fi tsanani, domin a can ritaya ce ke haifar da fansho, mai murabus na iya tashi a tutar babu.

Takardar ba ta son tsawo. A samanta sunan ma'aikaci kamar yadda yake a takardar albashi, muƙaminsa da matakinsa, lambar ma'aikaci, lambar SSNIT da ta katin Ghana, ranar haihuwa da ranar fara aiki. Abin da jikinta ke cewa, idan aka faɗe shi da Hausa, bai wuce haka ba: “Ranka ya daɗe, ina sanar da kai niyyata ta yin ritaya bisa ganin damata, kamar yadda sashe na 199 na kundin tsarin mulki ya ba ni dama, daga rana kaza ga wata kaza. Ina roƙon a amince, a ba ni takardar amincewa mai ɗauke da wannan rana, a kuma ba ni takardun da zan gabatar wa SSNIT da amintattun mataki na biyu don a biya ni haƙƙoƙina. Zan miƙa aiki da kayan gwamnati da ke hannuna kafin ranar.”

Ba wurin ƙorafi ba ne. Wanda ya cika takardar da labarin ƙarin girman da aka hana shi ko saɓaninsa da shugabansa, ya ba da dalilin da za a riƙe ta a ce sai an bincika. Ranar fita kuma a zaɓe ta da hankali. Ta cika wa'adin sanarwar da sharuɗɗan aikin mutum suka tanada, kuma ta faɗo bayan ranar haihuwa, ba kafinta ba. Wanda zai cika 55 a watan Maris, ya rubuta ƙarshen Janairu, ya jawo wa kansa watannin da babu albashi babu fansho.

Takardar tana bin tsani. Ma'aikacin majalisar gunduma a Paga zai bi ta hannun shugaban sashensa da daraktan gudanarwa na gunduma, ta wuce majalisar gudanarwa ta yanki a Bolgatanga, sannan ofishin shugaban ma'aikatan ƙananan hukumomi a Accra. Na Bawku ma ta Bolgatanga zai bi, na Yendi ta Tamale, na Salaga kuwa tun da aka ƙirƙiri yankin Savannah a 2019 ta Damongo. Malamin makaranta zai bi ta hedimasta da daraktan ilimi na gunduma. A kowane mataki a riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata, domin da shi ake bin sawu idan takarda ta kwanta a wani teburi.

Kuskure mafi muni shi ne a miƙa takarda a daina zuwa aiki. Har sai amincewa ta fito, mutum ma'aikaci ne. Wanda ya ɗauke ƙafa ba izini ana iya rubuta cewa ya gudu daga bakin aiki, kuma wannan tabo ne a fayil. Akwai kuma abubuwan da ke tsayar da amincewa: alkawarin yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru bayan hutun ƙaro karatu da albashi, tuhumar ladabtarwa da ba a kammala ba, gidan gwamnati ko babur da ba a mayar ba, da bashin da ake cirewa daga albashi ta ofishin Kwanturola. Mai bashin banki ya sani cewa albashi na tsayawa, bashin ba ya tsayawa, kuma shi zai fara cin kuɗin dunƙulen.

Bayan ranar fita, idan albashi ya ci gaba da shigowa saboda ba a cire suna daga jerin da ake tantancewa kowane wata ba, kada a taɓa shi. Albashin da ba a yi wa aiki ba ne, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasa yana zaƙulo irinsa shekara-shekara, kuma za a nemi a mayar. A sanar da ofis a rubuce nan take.

Abin da ke maƙale fayil

Hukumar da mutum ya yi wa aiki ba ita ke biyan fansho ba, kuma roƙon da ya rubuta a takardarsa bai wadatar ba. Shi da kansa zai je ofishin SSNIT, ga mutumin Paga a Bolgatanga, da katin Ghana, da takardar ritaya, da shaidar asusun banki mai aiki, a ɗauki hoton yatsunsa. Sannan ya cika wata takardar daban ta mataki na biyu. Nema biyu ne, a wurare biyu.

Jinkirin da ake samu yawanci daga tsofaffin kurakurai yake fitowa, kuma ana iya gano su tun shekara guda kafin fita idan aka nemi bayanin gudummawa daga SSNIT aka bi shi wata-wata. Giɓi ya fi yawa a farkon aiki. Ma'aikata da dama a gundumomi sun fara ne a matsayin waɗanda majalisa ke biya daga kuɗin shigarta, kafin a mayar da su kan albashin Kwanturola, kuma ba kullum aka biya musu gudummawar waɗannan shekaru ba. Wasu kuma an yi watanni kafin albashinsu na farko ya fito. A misalinmu, shekara biyu da suka ɓace suna rage kason da kashi 2.25, wato sidi 90 kowane wata kafin ragi, har tsawon rai. Takardar ɗauka aiki da tsofaffin takardun albashi su ne hujja, don haka a ajiye su.

Sai matsalar suna, wadda mutanen zango suka fi kowa sani. Mutum ɗaya, a makaranta an rubuta Abdulai, a katin Ghana Abdullahi. Wani Fuseini a nan, Husaini a can. Wata ta yi rajista da sunan mahaifinta, daga baya ta koma sunan miji. Tun da aka fara haɗa lambar SSNIT da katin Ghana a 2021, irin wannan saɓani yana fitowa fili, kuma gyaransa na buƙatar takardar rantsuwa da sauran shaidu. Wanda ya yi aiki a kamfani kafin ya shiga gwamnati ya duba kada a ce lamba biyu gare shi, don a haɗe su.

Ranar haihuwa ta fi suna wuyar gyara. Da yawa daga cikin masu shekara hamsin da wani abu a yau an haife su a gida, ba takarda, aka ƙiyasta musu shekara ranar shiga makaranta ko ranar ɗaukar aiki. SSNIT da ranar da ke cikin kundinta take aiki. Idan mutum ya san a ransa ya cika 55 amma kundin ya ce 53, ba za a biya shi ba sai bayan shekara biyu. Wannan kaɗai ya isa a ce kada kowa ya miƙa takardar ritaya kafin ya ga abin da aka rubuta a kansa.

A zuwan da za a yi SSNIT ne kuma ya dace a sabunta sunayen magada. Idan ɗan fansho ya rasu kafin ya cika 75, ana biyan waɗanda ya ambata wani dunƙule. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya da 'ya'yan da aka haifa bayan rajistar farko, tsohon jeri na iya haddasa rigimar da za ta daɗe.

Idan ba kasuwa ce ke jan mutum ba

Ba kowa ke fita don neman riba ba. A Bawku, tun da rikicin sarauta ya sake tashi a ƙarshen 2021, malamai da ma'aikatan lafiya da dama sun nemi barin garin don tsira da rayukansu. Mai irin wannan dalili canjin wurin aiki ya kamata ya fara nema, ta hannun hukumarsa da ƙungiyarsa, domin canji yana riƙe masa albashi da gudummawa, ritaya kuwa ƙofa ce da ba kasafai ake komawa ta cikinta ba.

Wanda ciwo ya kayar shi ma kada ya yi gaggawar rubuta ritayar ganin dama. Akwai fanshon naƙasa ga wanda kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba, matuƙar ya biya gudummawar wata 12 a cikin wata 36 na ƙarshe, kuma wannan bai jiran shekara 55. Idan ya fita da kansa ya zauna gida fiye da shekara biyu, wannan sharaɗi ya kuɓuce masa. A haɗa da cewa mai biyan gudummawar SSNIT da ɗan fanshonta an ɗauke musu kuɗin inshorar lafiya na shekara, wanda ke tsakani kuwa, ba ya biya ba ya karɓa, shi zai biya wa kansa.

Akwai waɗanda ritayar wuri ta dace da su. Wanda ya fara aiki da ƙuruciya ya cika shekara 35 na gudummawa ya riga ya kai ƙololuwar kashi 60, ƙarin shekaru ba zai ɗaga kasonsa ba, ragin shekaru kaɗai ya rage masa ya auna. Haka wanda ke da gona ko shago da ya riga ya tsaya da ƙafarsa, yana kawo abin da zai riƙe gida ba tare da an taɓa fansho ba. Irin wannan yana iya fita ya jinkirta nema har 60.

Ga sauran, tsarin da ya fi tsare mutum shi ne ya fara da SSNIT kafin ya je wurin shugabansa. Ya karɓi bayanin gudummawarsa, ya gyara suna da giɓi, ya tabbatar da ranar haihuwar da ke kundi, ya nemi a ƙiyasta masa fanshonsa a 55, a 57 da a 60, ya ji adadin da ke asusunsa na mataki na biyu da ranar da zai iya karɓa. Ya zauna da iyalinsa su ɗora waɗannan adadi a kan kuɗin abinci, na makaranta da bashin da ke kansa. Idan adadin 55 ya riƙe gidan, ya rubuta takardarsa. Idan sai na 57 ne zai riƙe, to ranar da zai sa a takardar tana nan da shekara biyu.